Satifiket ɗin kwas na intanet: wa zai karɓa, nawa zai ci, me aka yi maka alkawari?

Duk mai riƙe da wayar zamani ya san tallan nan: koyi sana'a cikin wata uku daga ɗakinka, ka karɓi satifiket wanda duniya ta amince da shi, ka fara ɗaukar albashi da dala. Wani tallan na kamfanin gaskiya ne, wani na 'yan damfara, kuma abin da ke rikita mutane shi ne kalamansu kusan iri ɗaya ne. Don haka duba kyan shafi ko girman tambari ba ya raba gardama. Abin da ke raba ta shi ne tambayar da mutane ke bari sai ƙarshe, alhali da ita ya kamata a fara: idan takardar ta zo hannunka, wa za ka miƙa wa, kuma shi wace irin takarda yake karɓa?

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce wata matashiya ce a Zariya, tana da babbar difloma a fannin ƙididdiga, ta gama hidimar ƙasa, tana koyarwa a wata makarantar kuɗi. Tana son koyon nazarin bayanai, wato aikin tsefe alƙaluma da kwamfuta a fitar da rahoton da ma'aikata za ta yi aiki da shi. Ta ga hanyoyi uku a intanet, kowacce ta ce tana ba da satifiket. Ta ɗauka abu ɗaya ne a farashi daban-daban. A'a, takardu ne iri uku, kuma kowacce shaidar abu daban take bayarwa.

Ta farko takardar kammalawa ce. Abin da take cewa kawai shi ne mai wannan suna ya bi darussan har ƙarshe. Irinta Udemy ke bayarwa, kuma Udemy da kanta ta rubuta a shafinta cewa ita ba makaranta ba ce mai amincewar hukumar ilimi. Kasuwa ce: malami ya ɗora bidiyonsa, ɗalibi ya saya, a raba kuɗin. Akwai malamai ƙwararru a can, akwai kuma wanda jiya ya koyi abin yau yake koyarwa. Alison, kamfanin ƙasar Ireland da ya fara a 2007, shi kuma karatun kyauta ne, takardar ce ta kuɗi. Har yana kiran wasu kwasa-kwasansa difloma, amma diflomar da ake gamawa cikin 'yan awoyi ba ita ce diflomar kwalejin fasaha ta shekara biyu ba, kuma ba ma'aikacin ofishin ɗaukar aiki da zai lissafa su ɗaya.

Takardun da ke ɗauke da sunan babban kamfani ko jami'a a Coursera da edX su ma a wannan rukuni suke, sai dai sun ɗan fi nauyi, domin akwai gwaje-gwaje da ayyukan da ake ba wa maki. Nan ne tambari ke yaudarar ido. Kwas ɗin CS50 na Harvard karatu ne mai kyau ƙwarai, kuma kyauta ne, har da takardarsa ta kyauta ga wanda ya yi ayyukan. Amma wanda ya gama shi bai zama ɗalibin Harvard ba, kuma rubuta "na yi karatu a Harvard" a takardar neman aiki zubar da mutunci ne a gaban wanda ya san harkar. Ita kanta edX, wadda Harvard da MIT suka kafa a 2012, sun sayar da ita ga kamfanin 2U a 2021 kan dala miliyan 800, kuma a Yulin 2024 wannan kamfani ya je kotu neman kariya daga masu bin sa bashi. Darussan ba su lalace saboda haka ba, amma yana da kyau mutum ya san cewa da ɗan kasuwa yake ciniki, ko da sunan jami'a ne a bakin shagon.

Ta biyu takardar cin jarrabawar ƙwarewa ce. A nan ba ruwan mai bayarwa da inda ka yi karatu. Ka biya kuɗin jarrabawa, a duba katin shaidarka, a sa maka ido, ko a cibiya ko ta kyamarar kwamfuta, ka ci ko ka faɗi. CCNA ta kamfanin Cisco, ta fannin haɗa hanyoyin sadarwar kwamfuta, haka take, kuɗinta dala 300, kuma bayan shekara uku sai an sabunta. Jarrabawar matakin farko ta AWS, sashen Amazon na hayar kwamfutoci ta intanet, dala 100 ce, ita ma shekara uku. A fannin matashiyarmu akwai PL-300 ta Microsoft, wadda ke gwada iya aiki da Power BI, manhajar fitar da rahoto daga alƙaluma: ana neman maki 700 cikin 1000, ana sabunta ta duk shekara kyauta, kuma darussan shirya mata suna nan kyauta a Microsoft Learn. Darajar irin wannan takarda ta zo ne daga abu ɗaya: ana faɗuwa. Takardar da duk wanda ya biya zai samu ba ta raba mai iyawa da marar iyawa, kuma masu ɗaukar aiki sun san haka.

Wata dabara da ya kamata a lura da ita: kwas mai suna "shirin CCNA" ko "shirin PL-300" ba shi ne jarrabawar ba. Wasu kan sayi kwas ɗin shiri, su buga takardar kammalawarsa, su ɗauka sun mallaki ta Cisco ko ta Microsoft. Sai ranar ganawar ɗaukar aiki aka nemi lambar tantancewa abin ya fito fili.

Ta uku ita ce takardar karatu ta hukuma: difloma, digiri, babban digiri. Wannan ba kamfani ke ba ta daraja ba, dokar ƙasa ce. A Najeriya, jami'o'i da kwasa-kwasansu hukumar NUC ke amincewa da su, kwalejojin fasaha kuma NBTE. Takardar da aka samo daga waje Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ke tantance ta. A Nijar da sauran ƙasashen da ke aiki da Faransanci akwai CAMES, wadda ke duba daidaiton takardun manyan makarantu. Karatu daga nesa yana iya kai mutum ga irin wannan takarda: NOUN jami'ar gwamnatin tarayya ce, Jami'ar Ahmadu Bello tana da cibiyar karatu daga nesa, kuma a 2023 NUC ta ba Miva lasisin jami'ar karatu daga nesa mai zaman kanta. Amma a kula, amincewa da jami'a daban, amincewa da kwas ɗin da ka shiga daban. Sai a duba duka biyun.

To, yanzu mu koma kan tambayar farko. Idan burin matashiyar nan shi ne shiga aikin gwamnati a mataki mafi girma, ko ta yi digiri na biyu, takarda ta farko da ta biyu ba za su buɗe mata wannan ƙofa ba, ko da ta tara goma. Matakin albashin gwamnati da takardun hukuma ake auna shi, kuma mai babbar difloma a yawancin jami'o'inmu sai ya bi ta diflomar gaba da digiri kafin a ɗauke shi digiri na biyu. Kuɗinta can ya kamata ya tafi. Idan kuwa burinta aiki ne a ƙungiyar agaji, ko kamfani, ko aikin kwangila ta intanet, can ba a cika tambayar wace hukuma ta amince da kwas ba. Za a ba ta tarin alƙaluma masu datti a ce ta gyara ta fitar da rahoto kafin gobe. Mu ɗauka irin wannan aikin take so.

Nan sai lissafin kuɗi, kuma a nan ne na ga ya kamata a daɗe, domin farashin da ke jikin talla ba shi ne abin da ke fita daga aljihu ba.

Shahararren kwas a fanninta shi ne Google Data Analytics a Coursera. Ba a sayar da shi a dunƙule, kuɗin wata-wata ake biya. Farashin da aka sanar na Amurka da Kanada dala 49 ne a wata bayan kwana bakwai na gwaji kyauta, wasu ƙasashen kuma akan nuna musu ƙasa da haka, don haka abin dogaro shi ne adadin da ya bayyana a shafin biyan kuɗi. Mu yi lissafi da 49 ɗin don a ga yadda abin ke tafiya. Masu kwas ɗin sun ce ana gamawa cikin kamar wata shida idan ana ba shi awa goma a mako, wato kusan awa 240. Wata shida sau dala 49 ya zama dala 294. Idan muka ƙaddara dala ɗaya naira 1,500 ce, ya kama naira 441,000.

Amma wa ya ce tana da awa goma a mako? Tana koyarwa daga safe zuwa azahar, tana duba littattafan ɗalibai, ga aikin gida, ga wutar da ba ta da tabbas. Idan awa biyar take samu, wata shidan ya zama shekara guda, dala 294 ta zama 588, wato naira 882,000 a wancan ƙiyasi. Darussan ba su ƙaru ba, takardar ba ta ƙara daraja ba, kuɗin ne kawai ya ninka. Tsarin biyan wata-wata kamar hayar ɗaki yake, ko ka kwana a ciki ko ba ka kwana ba, wata ya ƙare sai ka biya. Watan da ta yi jinya, ko watan azumi da ta rage karatu, za a cire kuɗin daga katinta sai dai in ta shiga da kanta ta dakatar. Kwana bakwai na gwaji ma sai an sa lambar kati kafin a fara, kuma da wa'adin ya cika ake cire na watan farko ba tare da an sake tambaya ba.

Sannan dalar ba a tsaye take ba. Kafin Yunin 2023 farashin hukuma yana wajen naira 460, zuwa farkon 2024 ya haura 1,400. Wanda ya shiga biyan wata-wata da dala a wannan tsakani ya ga kuɗin makarantarsa ya ninka sau uku ba tare da kamfanin ya ƙara ko sisi ba. Ɗan Maraɗi ko Damagaram ya fi samun sauƙi ta wannan fuska, tunda sefa a ɗaure take da yuro. Ga kuma matsalar kati: akwai lokacin da bankunan Najeriya da yawa suka hana biyan kuɗin waje da katin naira, mutane suka koma katin dala na manhaja, wanda ke da nasa farashin canji da nasa caji. A ƙara kuɗin data, tunda yawancin darussan bidiyo ne, da kuɗin caji ko man janareta, da kwamfutar kanta. Ana iya kallon bidiyo a waya, amma ba a koyon aiki da manyan jadawalai a kan allo mai faɗin tafin hannu.

Akwai hanyoyin rage wannan nauyi, kuma ba ɓoyayyu ba ne, sai dai ba su ake sa wa babban maɓalli ba. A shafin kwasa-kwasai da yawa na Coursera akwai ɗan rubutu, Financial aid available. Mutum zai cike bayanin halin da yake ciki da dalilin neman kwas ɗin, ya jira kamar mako biyu. Kwas ɗaya-ɗaya ake nema, ba jerin gaba ɗaya ba, kuma ba kullum ake yafe duka kuɗin ba. A edX yawancin kwasa-kwasai suna da zaɓin bin darasi kyauta ba tare da takarda ba. A Udemy kuwa, farashin da ake nunawa an soke da jan layi kusan ado ne, domin rangwame ba ya yankewa, kuma agogon nan mai cewa saura awa biyar tayin ya ƙare bai kamata ya sa kowa gaggawa ba. Tana da tsarin mayar da kuɗi cikin kwana 30, da sharuɗɗansa. Ga 'yan Najeriya akwai kuma shirin 3MTT na horar da mutane fasahar zamani da gwamnatin tarayya ta fara a 2023, wanda nazarin bayanai na cikin fannoninsa.

Wani lissafin da ba a so a yi shi ne yiwuwar ba za a gama ba. Wasu masu bincike biyu na MIT, Justin Reich da José Ruipérez-Valiente, sun duba bayanan ɗaliban kwasa-kwasan Harvard da MIT a edX, suka wallafa sakamakon a mujallar Science a 2019. A zangon 2017 zuwa 2018, kashi uku da ɗoriya cikin ɗari na waɗanda suka yi rajista ne suka kammala. Ko cikin waɗanda suka biya kuɗin takarda, ba su kai rabi ba. Gaskiya ne da yawa leƙe kawai suka shigo yi, amma darasin a bayyane yake ga mai shirin biya: a fara da abin kyauta na mako uku ko huɗu, a ga ko jadawalin rayuwa zai ɗauka, kafin a sa kati.

Saura alkawari. Shafin kwas ɗin Google yana cewa kashi 75 cikin ɗari na waɗanda suka kammala sun ba da rahoton ci gaba a aikinsu cikin wata shida. Ba na zargin alƙaluman da ƙarya, kuma abin yabo ne cewa an rubuta tushensu a ƙasa. Amma a karanta wannan ƙaramin rubutun. Tambayoyi ne aka yi wa waɗanda suka kammala, a Amurka. Waɗanda suka watsar a hanya ba sa ciki. Waɗanda ba su amsa ba ba sa ciki, kuma an san wanda ya dace ya fi saurin amsawa. "Ci gaba" ɗin ma ya haɗa sabon aiki da ƙarin girma da ƙarin albashi, don haka wanda dama yana da aiki aka ƙara masa ɗan abu ya shiga lissafi. Ba abin da wannan adadi ya faɗa game da mai neman aikin farko a Kaduna. Haka batun cewa ana iya mayar da kwas ɗin ya zama makin jami'a: shawara ce ta wata majalisar ilimi ta Amurka ga jami'o'in can, kowacce kuma tana da ikon ƙi. Ba ta hau kan jami'ar Najeriya ba.

Wannan alkawari ne na gaskiya da ke buƙatar karatun natsuwa. Akwai kuma wanda ya zarce haka. A Afrilun 2024 hukumar kare masu hulɗar kuɗi ta Amurka ta hukunta makarantar koyon rubuta manhaja ta intanet mai suna BloomTech, wadda a da ake kira Lambda School. Tana tallan cewa kashi 71 zuwa 86 na ɗalibanta na samun aiki, alhali lissafinta na cikin gida yana nuna kusan rabi, wani lokaci har ƙasa zuwa kashi 30. Tana kuma cewa ba bashi ba ne, sai ka samu aiki za ka riƙa ba da kashi 17 na albashinka, hukumar ta ce wannan bashi ne ƙarara. Kafin nan, a 2019, University of Phoenix ta amince da sasanci na dala miliyan 191 kan tallan da ke nuna kamar tana da haɗin gwiwar samar da aiki da kamfanoni irin su Microsoft da AT&T. Waɗannan a ƙasar da ke da hukumomin bin kadi ke nan. Wanda ya tura kuɗi asusun wani mutum bayan ganin talla a WhatsApp, wa zai kai wa ƙara?

Saboda haka duk adadin da aka nuna maka, tambayoyinsa uku ne: cikin su wa aka ƙirga, a wace ƙasa, kuma me ake nufi da samun aiki? Mai gaskiya yana da amsa a rubuce. Marar gaskiya zai turo maka hoton wani ɗalibi riƙe da takarda yana murmushi.

Kalmar amincewa ma haka. Duk wanda ya ce an amince da shi, a tambaye shi wace hukuma, sannan a je shafin hukumar a nemi sunansa, ba shafinsa ba. NUC tana wallafa jerin jami'o'in da ta amince da su, takan kuma fitar da jerin haramtattu. Na Amurka ana duba su a rumbun CHEA, majalisar da ke sa ido kan tantance manyan makarantun can. Tambarin CPD da ake gani a takardu da yawa na ƙungiyoyi ne masu zaman kansu da ke duba tsarin horo, ba hukumar ba da digiri ba. Masu damfara kuma sun daɗe da gano cewa ana tambayar hukuma, sai suka riƙa ƙirƙirar tasu. A 2015 jaridar New York Times ta fallasa kamfanin Axact na Pakistan, wanda ke da ɗaruruwan shafukan jami'o'in bogi haɗe da hukumomin tantancewa na bogi da ke ba su shaida. A gida kuma ba a manta da binciken ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ba, wanda a ƙarshen 2023 ya nuna yadda ya samo digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, har ya shiga hidimar ƙasa da shi. A farkon Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, kuma dakatarwar ta shafi har waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah. Takardar da ta wuce yau ba tare da tushe ba tana iya zama abin tuhuma bayan shekaru, lokacin da mai ita ya riga ya gina aiki a kanta.

Lambar tantancewa da ke jikin takardar Coursera ko Udemy tana da amfani, amma iyakarta ta nuna cewa takardar ba jabu ba ce. Ba ta nuna cewa wata hukuma ta san da ita, ba ta kuma nuna wanda ya zauna ya yi ayyukan.

Da matashiyar nan za ta nemi shawarata, zan ce ta fara tattara tallan aiki guda ashirin na irin wuraren da take so, ta rubuta abin da kowanne ya nema. Idan ta ga Excel da SQL, wato yaren zaƙulo bayanai daga rumbu, da Power BI ne ke ta maimaituwa, kuma ba wanda ya ambaci sunan wani kwas, ta san abin da za ta koya. Ta yi wata ɗaya a darussan kyauta na Microsoft Learn tana ƙirga awoyin da take samu da gaske. Idan tana son tsarin kwas ɗin Google, ta nemi tallafin kuɗi tukuna, in bai samu ba ta jira dogon hutun makaranta ta biya wata biyu ko uku ta yi shi a jere, ta dakatar da biyan ranar da ta gama. Kuɗin da ta tsira da shi ta ajiye na jarrabawar PL-300, wadda farashinta ya danganta da ƙasar da za a zauna ta, kuma kada ta yi rajista sai tana cin gwajin shiri da tazara, domin wanda ya faɗi sai ya sake biya. A tsakanin nan ta ɗauki sakamakon jarrabawar ɗaliban makarantar da take koyarwa na shekara uku, da izinin shugaban makarantar kuma bayan ta cire sunaye, ta gina rahoton da ke nuna darasin da ake yawan faɗuwa da ajin da ke ja da baya. Wannan rahoton za ta buɗe a kwamfuta ranar da aka kira ta ganawa.